Taron Tsintsiya Ba Shara: Sunan Shari'a Kaɗai Ba Ya Cin Jarrabawa

Akwai wata irin takardar amsa da duk wanda ya taɓa makin ɗaliban koyon aikin lauya ya santa tun daga shafin farko. Rubutu ne tsaf, an ja layi a ƙarƙashin kowane sunan shari'a, wani lokaci har da shekara da lambar shafin littafin da aka buga hukuncin. A amsa guda sai ka ƙirga sunaye goma sha biyu. Ka san mai takardar ya kwana a aji, ya sha cizon sauro, ya bar barci. Amma idan ka kai ƙarshe ka tambayi kanka, to matar nan da aka ba da labarinta a cikin tambaya, za ta ci shari'arta ko za ta faɗi, sai ka ga takardar ba ta gaya maka ba. Irin wannan takarda tana ɓata mini rai fiye da ta wanda bai yi karatu ba sam, domin wahalar da aka sha ta isa ta kai mutum ga maki mai kyau, sai dai an zuba ta inda ba ta da amfani.

Ban ga laifin hadda ba. Mu mutanen da muka tashi da allo ne, mun san darajar abin da ke cikin ka, kuma lauyan da ba ya iya tuna madogararsa a gaban alƙali yana cikin matsala. Abin da nake cewa shi ne sunan shari'a kamar kwatancen gida yake. Yana gaya wa mai karatu inda zai je ya sami magana, amma shi kansa ba magana ba ne. Mai maki ya riga ya san kwatancen. Abin da yake so ya gani shi ne ko ɗalibi ya taɓa shiga gidan.

Dalilin haka yana cikin yadda tsarin shari'ar da Najeriya ta gada daga Ingila yake aiki. A wannan tsari, hukuncin da babbar kotu ta yanke jiya yana ɗaure ƙaramar kotu yau, idan al'amarin da ke gabanta iri ɗaya ne da wancan. To amma ba duk abin da alƙali ya faɗa ne yake ɗaure wani ba. Hukunci ɗaya yana iya cin shafi hamsin, a ciki akwai labarin abin da ya faru, da gardamar lauyoyi, da misalan da alƙali ya kawo, da ratsen da ya yi. Abin da ke ɗaurewa shi ne ƙa'idar da ba don ita ba da hukuncin bai fito yadda ya fito ba. Lauyoyi na kiranta da kalmar Latin, rashiyo. Sauran maganganun da alƙali ya yi a kan hanya suna kiransu obita, ana sauraronsu da girmamawa amma ba dole ba ne a bi su.

Ɗaliban da ke haɗa shari'ar Musulunci da ta Turawa, kamar yadda ake yi a Zariya da Kano da Sakkwato, suna da wata fa'ida a nan da yawancinsu ba su lura da ita ba. A darasin usulul fiƙhi an koya musu cewa ƙiyasi yana da rukunai huɗu: asali, da reshe, da hukunci, da illa, wato dalilin da ya sa aka yi hukuncin. Ba a ɗaukar hukuncin asali a ɗora wa reshe sai illar da ke cikin wancan ta tabbata a cikin wannan. Ba ina cewa tsarin biyu ɗaya ba ne, tushensu ya bambanta ƙwarai. Amma aikin da ƙwaƙwalwa take yi ya yi kama. Tsohuwar shari'a tana zaune a mazaunin asali, labarin da ke cikin takardar tambaya shi ne reshe, kuma makin yana wurin nuna cewa dalilin ya ƙetaro, ko kuma bai ƙetaro ba. Ɗalibin da ya rubuta suna ya wuce, kamar wanda aka tambaya hukuncin wani sabon abin sha ne ya ce "giya" ya yi shiru, bai ce komai ba game da ko abin yana gusar da hankali.

Bari mu ɗauki shari'ar da babu ɗalibin da bai haddace sunanta ba, ta Donoghue da Stevenson. A watan Agusta na 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, wata mata mai suna May Donoghue ta shiga wani shagon shan kayan sanyi tare da rakiya, ba ita ce kuma ta biya kuɗin lemon citta da aka kawo mata ba. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin abin da ke ciki, kuma a rufe take tun daga masana'anta. Ta sha wani ɓangare, da aka tsiyayo ragowar sai, a cewarta, ruɓaɓɓen dodon koɗi ya biyo. Ta yi rashin lafiya. Matsalarta ita ce ba ita ta saya ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa, kuma a fahimtar lauyoyi da yawa na wancan zamani, in babu ciniki babu ƙara. A 1932 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, suka yanke da rinjayen uku a kan biyu cewa tana da hurumin ƙarar mai masana'antar.

Tambayi ɗalibi me wannan shari'a ta tsayar, mafi yawa za su ce maka "ƙa'idar maƙwabci", wato maganar Lord Atkin cewa mutum ya kula kada aikinsa ya cutar da waɗanda ya kamata ya hango cewa aikin zai shafe su. Gaskiya ne ya faɗi haka, kuma maganar ta haifi 'ya'ya da jikoki a fannin sakaci. Amma ƙa'idar da ta warware wannan rigima ta fi haka ƙunci, kuma tana da sharuɗɗa. Wanda ya ƙera kaya, ya fitar da su da niyyar su isa hannun mai amfani a yadda suka bar wurinsa, ba tare da ana sa ran wani zai bincika su a tsakani ba, kuma ya san rashin kula wajen haɗa su zai iya cutarwa, to nauyin kula yana wuyansa. Duhun kwalbar da rufinta ba ado ba ne a cikin labarin. Su ne suka nuna cewa daga masana'anta zuwa bakin matar babu wanda zai iya ganin abin da ke ciki. Ɗalibin da ya san wannan yana riƙe da ma'auni. Wanda ya san suna da dodon koɗi kawai, labari yake riƙe da shi.

Wani abu kuma da ɗalibai kan rubuta ba daidai ba shi ne cewa kotu ta sami Stevenson da laifin sakaci. Ba ta same shi ba. Abin da aka yanke shi ne, idan abin da matar ta faɗa gaskiya ne, doka ta ba ta damar ƙara. Ba a kai ga sauraren shaidu ba, Stevenson ya rasu, aka sasanta a wajen kotu. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin yana nufin shari'ar madogara ce a kan wanzuwar nauyin kula, ba a kan yadda ake tabbatar da cewa an yi sakaci ba. Wanda ya jawo ta don ya ce "saboda haka kamfani ya yi sakaci" ya ɗora mata kayan da ba ta ɗauka ba.

Yanzu ga irin tambayar da ake iya samu a jarrabawa. Da Turanci ake rubuta ta, da Turanci ake amsawa, amma tunanin da ke ciki ba shi da yare, don haka zan kawo komai da Hausa. Wani magidanci a Kano ya yi suna, ya sayo katan biyu na madarar yogot daga wani mai shago a unguwarsu. Robobin farare ne da ba a ganin cikinsu, kowace da hatimin kamfani a bakinta, kuma an rubuta a jiki cewa a ajiye a wuri mai sanyi. Firjin mai shagon ya lalace kwana shida kafin nan, bai gaya wa kowa ba. Baƙuwa ta farko ta ɓalle hatimi da hannunta, ta sha rabi, ta ji wani abu a baki, ta tofar, sai ga mataccen kyankyaso. Ta kwanta asibiti kwana biyu. Baƙuwa ta biyu ba ta ga komai a tata robar ba, sai dai ta ji tsami, ta shanye, cikinta ya ɓaci har aka yi mata ƙarin ruwa. An ce ka ba su shawara.

Amsar mai hadda takan tafi kamar haka: sakaci yana da rukunai uku, nauyin kula da saɓa shi da cutarwa, duba shari'ar kaza da kaza da kaza, mai ƙera kaya yana da nauyi a kan mai amfani, duba kaza da kaza, saboda haka matan biyu za su yi nasara a kan kamfani. Babu jimla ɗaya ta ƙarya a farkon wannan amsa, amma da za a ɗauke ta a manna a ƙarƙashin tambayar da ta shafi biskit ko maganin tari ko tayar mota, da ta zauna daram. Wannan ita ce alamar da nake gane amsar da ba ta taɓa tambayar ba. Mai tambaya bai sa firji ya lalace a banza ba, bai kuma kawo baƙi biyu don cika shafi ba. Kowane abu da ya ambata ƙofa ce, kuma bayan kowace ƙofa akwai maki.

Ga yadda mai amfani da madogara zai tunkari baƙuwa ta farko. Zai fara da abin da zai iya hana ta ƙara, wato ba ita ta saya ba. Sai ya ce wannan ba zai hana ta ba, domin a shari'ar Donoghue da Stevenson ma mai ƙarar ba ita ta biya ba, kuma kotu ta ɗora nauyin a kan cewa kayan sun bar masana'anta a rufe, ba a sa ran kowa zai duba su a hanya. A nan ma robar ba a ganin cikinta, hatimin kamfani yana nan har lokacin da baƙuwar ta ɓalle shi da kanta, don haka kyankyason ba shi da hanyar shiga sai kafin a rufe. Lalacewar firji ba ta shafi wannan ba, zafi yana tsamar da madara amma ba ya sa ƙwaro cikin roba mai hatimi. Ka lura, suna ɗaya kawai aka ambata, amma an faɗi me aka yanke, da me ya sa, da kuma wane abu a cikin tambayar ya yi daidai da shi.

Daga nan zai hango abin da lauyan kamfani zai ce. Kamfanoni kan kawo shaida cewa injinansu na zamani ne, ana wanke kwalabe sau kaza, ana haska su, babu yadda za a yi datti ya wuce. Irin wannan kariya ta taɓa yin aiki a Najeriya. A shari'ar Boardman da Guinness ta 1980, wadda aka yi a matakin babbar kotu, mai ƙara ya faɗi. Ɗalibi nagari ba zai ɓoye wannan ba, zai kawo ta da kansa, sannan ya nuna abin da ya fi ta nauyi. A shari'ar Grant da Australian Knitting Mills, wadda kotun ƙarshe ta ƙasashen renon Ingila ta yanke a tsakiyar shekarun 1930, wani likita ya kamu da mummunan ciwon fata saboda sinadarin da aka bari a jikin kamfan da ya saya. Kamfanin ya nuna tsarinsa mai kyau ne, ya kuma sayar da miliyoyi ba ƙorafi. Kotu ta ce ba sai mai ƙara ya nuna wane ma'aikaci ne ya yi kuskure ba. Kasancewar sinadarin a jikin kayan ya isa a fahimci cewa wani ya yi sakaci. Sannan ga ta gida, wadda ta fi kowace ƙarfi a nan: Okwejiminor da Gbakeji, 2008, inda wani mutum ya tarar da mataccen kyankyaso a kwalbar lemo, Kotun Ƙoli ta Najeriya kuma ta ɗora wa kamfanin da ya yi lemon alhaki duk da bayanin da ya yi na ingancin tsarinsa. Tunda wannan hukuncin Kotun Ƙoli ne, kuma ya zo daga baya, babbar kotun Kano shi za ta bi.

Baƙuwa ta biyu ita ce tarkon. Kama da wane ba ta wane. Roba iri ɗaya ce, kamfani ɗaya, biki ɗaya, amma dalilin bai ƙetaro ba. Nauyin kula yana nan a kan kamfani, wannan ba a gardama. Abin da ya ɓace shi ne hujjar cewa aibin daga masana'anta ya fito. Kamfani ya rubuta a ajiye a sanyi, aka bar kayan kwana shida a zafin Kano, kuma ciwon da ta yi irin wanda lalatacciyar madara ke jawowa ne. A nan shari'ar da za ta yi aiki ita ce Evans da Triplex Safety Glass ta 1936, inda gilashin gaban mota ya tarwatse bayan kusan shekara guda da sayen motar, kotu kuma ta ƙi kama masu yin gilashin, saboda tsawon lokacin da ya wuce da kuma yiwuwar cewa matsalar ta samo asali ne wajen ɗaura shi ko wani abu daban. Darasinta shi ne idan akwai wani sanadi mai ƙarfi a tsakani, ba a ɗora wa mai ƙera kaya laifi da zato.

To ina za ta nufa? Wurin mai shago. Nan ma akwai madogara ta gida, Nigerian Bottling Company da Ngonadi, 1985. Wata 'yar kasuwa ta sayi firji mai aiki da kananzir, ya yi bindiga ya ƙone ta. Kamfanin da ya sayar mata ya ce shi dillali ne kawai, ba shi ya ƙera ba, Kotun Ƙoli ta ce wannan bai sauke masa nauyin kula ba. Amma ɗalibi mai lura zai ƙara da cewa a waccan shari'ar matar ita ce ta saya da kanta, a nan kuwa baƙuwa ce, don haka sai an haɗa da babbar ƙa'idar hangen wanda abu zai cutar: mai shagon da ya sayar da katan biyu ga mai suna ya san baƙi ne za su sha, ya kuma san firjinsa ya mutu. Zai kuma ambaci cewa ta ji tsami ta ci gaba da sha, abin da lauyan mai shago zai yi amfani da shi ya nemi a rage diyya saboda ita ma da nata sakacin. Idan manhajar ta haɗa da dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, sai ya taɓo ta, domin ita ma tana magana a kan kayan da suka cutar.

Ƙirga sunayen da aka kawo a duk wannan amsa: shida. Kowanne ya yi wani aiki da ba wanda ya yi shi. Ɗaya ya buɗe ƙofar ƙara, ɗaya ya tsaya a ɓangaren abokin hamayya, biyu suka ture shi, ɗaya ya raba baƙuwa ta biyu da ta farko, ɗaya ya nuna mata wata hanya. A ganina gwajin da ya kamata ɗalibi ya yi wa kowace madogara kafin ya rubuta ta shi ne ya tambayi kansa: in na cire wannan suna, wace magana ce a cikin amsata za ta rasa abin jingina? In babu, sunan ba ya aikin komai a wurin.

Akwai wani haɗari da ya fi rashin amfani muni, wato dogara da katangar da ta riga ta tsage. Shari'a tana da rayuwa bayan ranar da aka yanke ta. Ana ɗaukaka ƙara, ana soke ta, ana taƙaita ta, majalisa na iya yin dokar da za ta shafe ta. Jerin sunayen da ɗalibai ke gada daga na gaba da su, wanda ake ta bugawa a shagon hoto shekara da shekaru, ba ya ɗauke da wannan tarihi. Misalin da na fi yawan gani shi ne Mojekwu da Mojekwu. A 1997 Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta bakin Mai Shari'a Niki Tobi, ta yi tir da wata al'adar gado ta garin Nnewi a ƙasar Ibo wadda ke fifita ɗan'uwa namiji a kan 'ya'ya mata, ta ce ta saɓa wa adalci. Magana ce mai daɗin ji, ɗalibai suna sonta. Amma da rigimar ta isa Kotun Ƙoli a 2004, da sunan Mojekwu da Iwuchukwu, kotun ba ta canza wanda ya yi nasara ba, sai dai ta ce bai kamata ƙaramar kotun ta yi waccan sanarwa ba, domin babu ɓangaren da ya kawo batun a gabanta, kuma ba a buƙatarsa don warware rigimar. Wato an nuna cewa shahararriyar maganar ratse ce. Sai a 2014, a shari'ar Ukeje da Ukeje, Kotun Ƙoli da kanta ta yanke cewa al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta ci karo da sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci. Ɗalibin da ya tsaya a 1997 ya faɗi sakamakon da ya yi kama da daidai, amma ya jingina shi da abin da ba zai ɗauke shi ba. Wanda ya kawo ukun a jere, cikin jimla huɗu ko biyar, ya nuna ya san wa ke sama da wa, ya san rashiyo daga obita, ya kuma san dokar da ke aiki yau.

Wannan ya kawo mu ga nauyin madogara, wanda ba a ganinsa a jikin suna. Hukuncin Kotun Ƙoli yana ɗaure kowace kotu a ƙasar. Na Kotun Ɗaukaka Ƙara yana ɗaure na ƙasa da ita. Na babbar kotun wata jiha shawara ce mai daraja a wurin takwararta ta wata jiha. Hukuncin kotunan Ingila na yau kuwa ba ya ɗaure kowa a Najeriya, wadda ta daina kai ƙara Landan tun 1963. Ana kawo shi ne don jan hankali, musamman inda babu na gida. Shi ya sa a amsar da ta gabata aka bar Okwejiminor ta zama mai yanke magana. Haka kuma inda akwai rubutacciyar doka, da ita ake farawa, shari'o'i su biyo baya a matsayin masu fassara ta. A fannin laifuka wannan yana kayar da mutane sosai, domin Arewa da Finalkod take aiki, Kudu kuma da nata kundin daban, kuma kalmominsu ba ɗaya ba ne. Tambayar da aka ce abin ya faru a Katsina, aka amsa ta da shari'ar da ke fassara sashen kundin Kudu ba tare da an nuna an san bambancin ba, ta fara da ƙafar hagu.

Ta yaya ake karatu don a iya wannan? Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne su rage yawa su ƙara zurfi. A kowane babi akwai shari'o'i uku ko huɗu da komai ke kewaye da su. Waɗannan a je laburare a karanta su a cikin littafin rahoton shari'u, irin wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa mako-mako a 1985, ba taƙaitawar da ke saman hukuncin kaɗai ba, domin ita editoci ne suka rubuta ta, ba alƙali ba. Bayan an karanta, a rufe littafin a rubuta abu huɗu da kalmomin kai: wace kotu ce kuma yaushe, waɗanne abubuwa biyu ko uku ne a labarin hukuncin ya rataya a kansu, me aka yanke, sannan wane abu ne da za a canza shi da sakamakon ya juye. Na huɗun nan shi ne wanda ba a samunsa a takardar kowa. Da kwalbar Donoghue garau take, ana hango dodon koɗin tun daga kan kanta, me zai faru? Da mai shagon ne ya buɗe ta tun da safe ya ajiye? Mai tambayar jarrabawa haka yake ƙirƙiro tambayarsa, yana ɗaukar sananniyar shari'a ya murɗa abu ɗaya. Wanda ya saba murɗawa da kansa a ɗaki, in ya ga tambayar sai ya gane inda aka taɓa.

Wata ɗaliba ta taɓa tare ni a bakin aji ana saura kwana uku jarrabawa, idonta ya yi ja don rashin barci. Ta ce, "Malam, ni matsalata sunayen ne, ina shiga ɗakin jarrabawa suke guduwa." Na ce ta ba ni labarin shari'ar firjin kananzir. Ta ba ni shi tiryan-tiryan, har da hujjar da kamfanin ya kawo da dalilin da ya sa kotu ta ƙi ta. Na ce mata to abin da ake nema yana hannunta. In sunan ya ɓace, ta rubuta cewa Kotun Ƙoli ta taɓa yanke hukunci a wata shari'a inda firji mai kananzir ya ƙone wadda ta saya, aka kama dillali duk da ba shi ya ƙera ba, sannan ta ci gaba da aikinta. Mafi yawan masu maki da na sani za su ba da kaso mafi tsoka na makin wannan wuri, domin sun gane shari'ar da ake nufi kuma sun ga an yi aiki da ita. In ta tuna sunan ɓangare ɗaya, ta rubuta shi. Abin da na roƙe ta kada ta yi shi ne ta ƙirƙiro suna, ko ta ɗauki sunan wata shari'a ta liƙa wa wannan don kada wurin ya zauna fayau. Mai maki yana ganewa nan take, kuma daga wannan layi zai fara shakkar sauran sunayen da ke takardar, har da waɗanda aka rubuta daidai.